Gurbin Mutum Ɗaya

Duk unguwar Aboabo ta Kumasi babu wanda zai ce Barkisu marowaciya ce, kuma ita ma ta san haka, shi ya sa take tattalin sunan nan fiye da yadda take tattalin jarinta. Mayafi da abaya da turaren wuta take sayarwa, amma ba ta da shago. Shagonta wayarta ce. Ta je kasuwar Adum ta sari kaya, ta shimfiɗa su a kan gado ta ɗauki hoto, ta sa a WhatsApp, mata su gani su aiko. Ranar da data ta ƙare, ranar an rufe mata kasuwa ke nan.

Gidan da take haya gidan yawa ne, ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya, benci ɗaya dogo a ƙofar ɗakinta. A gidan nan ba a hana maƙwabci abu idan ya roƙa. Gishiri ne, garwashi ne, bokiti ne, ka bayar ko da ranka ba ya so, don in ka hana, kafin la'asar labarinka ya kai unguwar Asawase. To da Salwa, matar ɗakin da ke kallon nata, ta ce mata wata rana, "Anti Barkisu, ɗan kunna min hotsifot ɗinki in tura saƙo ɗaya," me za ta ce? Ta kunna. Wayarta ta zama mai raba data, ta sa mata lambar sirri mai harafi takwas kamar yadda wayar ta nema, ta karɓi ta Salwa ta shigar mata da hannunta.

Saƙo ɗaya, in ji Salwa. Ai kuwa dai.

Abin da Barkisu ba ta lissafa ba shi ne, waya ba ta mantuwa. Sau ɗaya aka ba ta lambar sirri, ta riƙe ke nan, duk lokacin da ta ji ƙamshin hotsifot ɗin sai ta shige da kanta ba sallama. Salwa kuma ta nuna wa maƙwabciyarsu Nusrat, Nusrat ta nuna wa Hikima mai kitso. Kafin wata biyu bencin ƙofar Barkisu ya zama majalisa. A zauna ana kallon bidiyon biki, ana dariya, ana cewa, "Wallahi Anti Barkisu ke 'yar aljanna ce." Datar da a da take kai ta ƙarshen wata ta koma ba ta wuce kwana shida.

Ta taɓa canza lambar sau ɗaya. Ba a yi awa guda ba sai ga Salwa a bakin labule da waya a hannu, tana murmushi. "Anti, kamar kin canza ko? Mece ce sabuwar?" Barkisu ta ji haushi har cikin haƙoranta, amma ta faɗa mata. In ta kashe hotsifot ɗin kuwa, a zo a ce ta kunna. Yaya za a yi mutum ya kalli idon maƙwabciyarsa ya ce a'a a kan abin da ba a gani da ido?

Wata Talata tana tone-tone a cikin saitin wayar, ta ci karo da wani layi da ba ta taɓa lura da shi ba. Wurin da ake ƙayyade yawan wayoyin da za su iya shiga a lokaci ɗaya. Goma aka sa. Ta danna, ta ga za a iya saukar da shi har ƙasa. Ta kalli lambobin kamar wadda ta tsinci kuɗi a hanya. Ta mayar da shi ɗaya. Sannan ta ɗauko wata tsohuwar tabulet ɗinta mai fasasshen gilashi, wadda ba ta amfani da ita sai don ajiye hotunan kaya, ta haɗa ta da hotsifot ɗin, ta sa ta a caji a kan gado. Gurbi ɗaya ne, kuma an cika shi.

Kai, dabarar ta yi mata daɗi. Sunan hotsifot ɗin na nan a wayar kowa, lambar sirri ba ta canza ba, ba wanda aka hana komai. Waya ta yi ta juyi tana cewa tana haɗawa, ta gaji ta bari. Salwa ta zo tana jijjiga tata.

"Anti, ya ƙi kamawa."

"Ga shi nan a kunne, duba da idonki," in ji Barkisu, tana nuna mata daga nesa. "Netwok ne. Ni ma tun safe yake wahalar da ni."

Laraba haka, Alhamis haka. Barkisu ta sha iska. Sai dai ta manta da Juma'a.

Mma Habsa aminiyar marigayiya Hadija ce, mahaifiyar Barkisu. Tare suka yi tallan koko suna 'yan mata, kuma ita ta yi wa gawar wanka. Tana zaune a Asawase ita kaɗai, tana sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa a ƙofar gida. 'Yarta ɗaya, Fa'iza, ta tafi aikin gida a ƙasar Larabawa shekara biyu da suka wuce. Uwar ɗakinta ke riƙe wayarta duk mako, sai ranar Juma'a da yamma a can take ba ta na awa ɗaya, wanda ya yi daidai da bayan an sauko masallaci a nan Kumasi. Ita kuwa Mma Habsa layinta ya rufe tun lokacin da aka yi ta rajistar layuka, ba ta da katin da ake nema, ta kuma gaji da bin layi. WhatsApp ɗinta dai na nan yana aiki muddin ta samu wanda zai ba ta data. Don haka kowace Juma'a take takowa da ƙafa daga Asawase, ta zauna a bencin Barkisu, ta ga fuskar 'yarta. Ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, kuma ba ta taɓa taɓa wayar don wani abu ba bayan kiran nan.

Ranar Juma'ar nan Hikima na yi wa Nusrat kitso a tsakar gida, Salwa na gefe tana tsinke alayyafo. Minti biyar kafin nan Salwa ta sake yin ƙorafi, har da cewa ko dai an hana su ne ba a faɗa ba. Barkisu ta tashi da faɗa, ta ce ita ba haka aka raine ta ba, ta rantse da Allah netwok ne. Bakinta bai gama hucewa daga rantsuwar ba sai ga sallamar Mma Habsa, da farin mayafinta na Juma'a da ƙullin ƙuli-ƙuli a leda.

Nan take Barkisu ta tuna yau Juma'a ce, ranar Fa'iza.

Aka gaisa. Tsohuwa ta zauna, ta kwance wayar daga cikin hankici, ta goge gilashin da gefen mayafi, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta don kada Fa'iza ta ce ta rame. Ta jira. Wayar ta yi ta juyi.

"'Yata, yau shiru."

"Bari in duba, Mma."

Barkisu ta shige ɗaki ta saki labule. Ta yi sauri ta mayar da ɗaya zuwa biyu. Amma ita hotsifot ba ta san tsoho ba, ba ta san wanda ya tako daga Asawase ba, wanda ya riga shi ke shiga. Tana duba jerin waɗanda suka haɗu, sai ta ga sunan wayar Salwa. A daidai lokacin kiɗan biki ya tashi daga tsakar gida.

"Ya kama," in ji Salwa. "Nusrat, duba taki."

A nan ne fa ya kamata Barkisu ta mayar da shi goma, ta fito ta ce netwok ya dawo, kowa ya sha, Mma Habsa ta ga 'yarta. Abin bai fi danna yatsa sau biyu ba. Wanda duk ya ji labarin nan haka yake cewa, kuma ita ma haka ta yi ta gaya wa kanta daga baya. Amma kiɗan nan ya shiga kanta. Matar da ta gama zarginta yanzu-yanzu, ita ce za ta fara cin moriya? Kuma in ya dawo daidai shigarta ɗaki, wa zai yarda netwok ne? Salwa ba yarinya ba ce, za ta haɗa ɗaya da ɗaya. Ta mayar da shi ɗaya, ta kashe ta kunna, ta tabbatar tabulet ɗin ce ta koma gurbin. Ta ce a ranta, kitso ya kusa ƙarewa, su watse, sai in buɗe wa Mma ita kaɗai. Ai awa guda ce, akwai lokaci.

Kiɗan ya mutu. Salwa ta yi tsaki.

Kitso bai ƙare ba. Hikima ta tsefe layi biyu ta sake, wai sun karkace. Salwa ta gama alayyafo ta ɗauko albasa. Barkisu na zaune kusa da tsohuwa, tana danne-dannen banza a wayar Mma Habsa kamar mai gyara, gumi na bin bayanta. Kowane minti ta ce yanzu zan tashi in buɗe, kowane minti ta dubi Salwa ta fasa. Tun tana duba agogo har ta daina, don kunyar agogon ma take ji.

Aka kira la'asar. Mma Habsa ta san me hakan ke nufi, an karɓe wayar Fa'iza tuni. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayarta ta juya ta gaba da baya.

"To me ya sa ta Salwa ta kama ɗazu, tawa ba ta kama ba?"

Matan uku suka ɗago kai. Barkisu ta ji bakinta yana magana ba da izininta ba.

"Wayarki ce, Mma. Ta tsufa. Irin waɗannan in suka kwana biyu haka suke yi."

"Allah sarki," in ji tsohuwa. "Fa'iza ce ta bar min ita. Da ma ta ce in daina ajiye ta kusa da murhu." Ta naɗe ta a hankici, ta miƙa wa Barkisu ledar ƙuli-ƙuli. "Ga wannan. Kin sha wahala da ni yau, Allah ya yi miki albarka."

Barkisu ta karɓa da hannu biyu. Ba ta iya cin ko ɗaya ba, ta tura ledar bayan kwanuka inda ba za ta riƙa ganinta ba.

Ta yi niyyar zuwa Asawase washegari, ta zauna kusa da tsohuwa, ta bar wayar ta kama, ko saƙo ne a gani. Amma Asabar akwai biki a Aboabo, kuma ita ta kawo mayafan ƙawayen amarya. Lahadi ta yi wanki. Gaskiyar magana ba biki ba ne, ba wanki ba ne, fuskar Mma Habsa ce ba ta son gani. Ta lallashi kanta da cewa ai Fa'iza ba ta da waya sai wata Juma'ar, babu abin da za a rasa. Juma'a mai zuwa za ta buɗe tun safe, kowa ya shiga, datar ta ƙare in ta ga dama.

Litinin da hantsi sai ga Mma Habsa, ta sha atamfarta ta fita unguwa, da jaka a hammata. Ta rufe teburin ƙuli-ƙulinta na yini guda. Salwa na bakin famfo tana wanke-wanke, kunnuwa a buɗe.

"'Yata, ki raka ni Adum wajen masu gyaran waya. Ni ba na jin Turanci, Tuwi ɗina, yaren mutanen garin nan, kuma na kasuwa ne, za su cuce ni. Ke kin san kan abin. Ina so ta warke kafin Juma'a."

"Mma, da kin bari..."

"In bari me? In sake zama ina kallon gilashi baƙi?"

Barkisu ta saka hijabi, ta jefa wayarta a jaka, ta ja ƙofa. Suna tafiya zuwa bakin titi tana shirya ƙarya ta gaba. In sun shiga mota za ta faki ido ta ƙara lambar, ta ce netwok ɗin cikin gari ya fi ƙarfi, shi ke nan a koma gida, ba mai gyara ba kunya. Har ta fara jin sauƙi.

Suka samu trotro, ƙaramar bas ta haya, mai zuwa Adum, suka matsu a kujerar baya, kusa da wata mai kwandon kifi da wani dattijo mai carbi. Ba su yi nisa ba, Barkisu ba ta ko zuge jakarta ba, sai jakar Mma Habsa ta fara ƙara. Ƙit, ƙit, ƙit, saƙo na bin saƙo ba tsayawa.

Barkisu ta dubi tata jakar. Sai a lokacin ta gane. Hotsifot ɗin a kunne yake a jakarta, tabulet kuwa tana can kan gado a Aboabo, sun yi mata nisa tun suna ƙofar gida. Gurbin nan ɗaya ya zama babu kowa, wayar tsohuwa kuma, da ba ta manta lambar sirri ba, ta sake gwadawa da kanta ta shige. Wayar da aka ce ta tsufa lafiyarta ƙalau.

"Ikon Allah," in ji Mma Habsa, tana kwance hankici. "Ta ji za a kai ta asibiti ta warke. Duba min, 'yata, me aka rubuta?"

Kiran Fa'iza ne da ba a ɗauka ba, sau goma sha ɗaya, duk na ranar Juma'a. Ƙarƙashinsu saƙon murya biyu.

"Kunna min. Ƙara sauti, kunnena ba ya ji sosai."

Barkisu ta kunna. Muryar Fa'iza ta cika bayan motar, ƙasa-ƙasa, irin ta mai magana a ɓoye.

"Mma, ina ta kira ba ya shiga. Lafiya kuwa? Ko ƙafar ce ta tashi? Mma, yau ina da magana. Madam ta ce za mu tafi gonarsu can cikin sahara, wajen uwar mijinta da ba ta da lafiya, wata uku ko huɗu. Ta ce can ba za ta ba ni waya ba. Na so in ga fuskarki kafin mu tafi. Na roƙe ta, ta ce ranar Lahadi da safe kafin mu hau mota za ta bar ni in duba sau ɗaya. Don Allah ki je wajen Anti Barkisu ko gobe ne, ki aiko min da murya. Ko sallama ce kawai."

Mai kifi ta daina gyara kwandonta. Dattijo ya tsayar da carbi. Saƙo na biyu ya biyo da kansa, na ranar Lahadi, gajere.

"Mma, na duba, babu komai. Ban sani ba ko kina lafiya. In wani laifi na yi miki ki yafe min. Ga Madam nan. Ki gaida Anti Barkisu, ki ce na gode da ɗawainiya."

Yaron mota na ta kiran fasinja ta taga. Mai kifi ta ce wani abu da Tuwi mai kama da jaje. Mma Habsa ta share ido da bakin mayafi, sau ɗaya, ta gyara zama.

"Danna min wurin magana."

"Mma, ba za ta gani ba sai..."

"Na sani. Ranar da aka ba ta, ta tarar da ni a ciki. Danna."

Barkisu ta danna ta riƙe mata wayar kusa da baki.

"Fa'iza, ni ce. Lafiyata ƙalau, ƙafa ma da sauƙi. Ba ki yi min komai ba, 'yar albarka. Laifina ne. Wayar ce ta lalace, kin ce in daina ajiye ta kusa da wuta ban ji ba. Na je ranar Juma'a, wallahi na je. Barkisu ta yi iya ƙoƙarinta, har gumi ta yi, baiwar Allah, ga ta nan ma ta bar kasuwarta ta rako ni gyara. Ke ki yafe min, ni na..."

Barkisu ta saki yatsa. Saƙon ya tafi a yanke, alama ɗaya ta fito a gefensa, ta tsaya ita kaɗai.

"Ban gama ba."

"Mma, mu sauka."

"Ba mu kai ba ai."

"Don Allah mu sauka."

Ta buga jikin motar, aka tsaya. Suka sauka a gefen titi, gaban wani shagon masu walda, rana na dukan kai. Ba wanda ya kama Barkisu. Ba wanda zai taɓa kama ta, tsohuwa ta riga ta ɗora wa kanta laifin har ta aika shi ƙasar Larabawa. Wannan ɗin ne ya gagare ta haɗiya. Kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take, har ta ji hijabin ya yi mata nauyi.

Ta ciro wayarta, ta buɗe wurin, ta miƙa gaban idon tsohuwa.

"Mma, wayarki ba ta lalace ba. Ba ta taɓa lalacewa ba. Kin ga nan? Nan ake faɗa wa waya mutum nawa za ta bari su shiga. Ni na sa shi haka tun Talata, saboda su Salwa suna shanye min data, kuma na kasa ce musu a'a. Ranar Juma'a ina sane. Ina zaune kusa da ke ina sane. Da na danna nan sau biyu da kin ga Fa'iza. Na ji kunyar su gane na yi ƙarya, shi ne na bar ki."

Mma Habsa ba ta iya karatu ba, amma wadda ta shekara arba'in tana ba da canji ta san lamba. Ta matso da fuskarta ta kalli allon da kyau.

"Wannan ɗaya ne."

"Ɗaya ne, Mma."

"Mutum ɗaya ke shiga."

"E."

"To ranar nan wa ke ciki? Salwa?"

Barkisu ta so ƙasa ta buɗe. "Ba kowa. Wata tsohuwar tabulet ce tawa, tana kan gado a ɗaki. Na sa ta ne don ta tare wurin."

"Wani na kallo a cikinta?"

"A'a."

Tsohuwa ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin kaya. "Wato ba ma mutum ba ne."

Barkisu ta fashe da kuka a gefen titi, babbar mace da ita, masu walda na kallo. Ta durƙusa ta kama gefen zanen Mma Habsa. Ta ce ta tuba, ta ce za ta saya mata layi da sunanta, za ta riƙa sa mata data duk wata, za ta riƙa zuwa Asawase da kanta kowace Juma'a. Ta faɗi abubuwa da yawa. Tsohuwa ta bar ta ta gama.

"Tashi, mutane na kallonki. Tashi, 'yar Hadija ba ta durƙuso a titi." Ta kama hannunta ta ɗaga ta. Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan, kuma da ta yi faɗa da ya fi wa Barkisu sauƙi. "Abinki ne, Barkisu. Ke kike saye. Da kin ja ni gefe kin ce, Mma yau babu, wallahi ba zan riƙe ki ba. Masallaci na nan cike da mutane, kowa da waya a aljihu. Da na cire kunya na roƙi wani, ko ban san shi ba. Awa guda gare ni. Amma kika ce min wayata ce. Na koma gida na kwana uku ina zagin kaina."

"Ki yafe min, Mma."

"Na yafe miki tawa. Ta Fa'iza kuwa ba a hannuna take ba. Yarinya na can cikin sahara tana tunanin ko na mutu, ko na yi fushi da ita, kuma haka za ta yi ta tunani wata huɗu." Ta dubi wayarta. "Wanda na yi yanzu ya tafi?"

"Ya bar nan. Yana jiran ta buɗe."

"Ko na yi nisa da ke ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba."

"To danna min wani. Wancan akwai ƙarya a ciki, ko da ba ni na ƙirƙire ta ba."

Barkisu ta danna, ta riƙe, ta sunkuyar da kai tana jiran a faɗa wa Fa'iza ko ita wace ce.

"Fa'iza, na ce miki waya ta lalace, ashe ba ta lalace ba, lafiyarta lau, kada ki sa a ranki za ki sayo wata. An samu akasi ne kawai. Ina nan, ina yi miki addu'a kowace salla. Ki ci abinci. Allah ya dawo min da ke."

Ko sunan Barkisu ba ta ambata ba, da alheri ko da sharri. Alama ɗaya ta sake fitowa.

Sannan ta tura wayar cikin hannun Barkisu.

"Yanzu cire ni."

"Mma?"

"Abin nan da ke sa wayata ta shiga taki da kanta. Ba na so in zo wucewa ta ƙofarki ta shiga ba ki sani ba. Cire shi."

"Mma, don girman Allah. Zan mayar da shi goma. Zan mayar da shi yanzu a gabanki."

"Ki mayar saboda maƙwabtanki, ko ki gaya musu gaskiya, wannan tsakaninku ne. Ni dai cire ni. Akwai mai shago kusa da ni, Kimba, zan tambaye shi. In ya ce a'a na san a'a ce."

Barkisu ta buɗe wayar tsohuwa, ta nemo sunan hotsifot ɗinta, ta danna inda ake sa waya ta manta. Hawaye ya sa sai da ta danna sau biyu kafin ta samu wurin. A tata wayar, jerin waɗanda suka haɗu ya koma babu kowa.

Mma Habsa ta karɓa, ta naɗe a hankici, ta sa a jaka. Ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi zuwa inda motocin Asawase ke tsayawa. Barkisu ta bi ta da sauri tana laluben kuɗin mota, amma tsohuwa ta ɗaga mata hannu ba tare da ta juyo ba.

"Ina da shi, 'yata. Ki gaida gida."